Kwana goma ana shan maganin ƙarin jini, bugun zuciya bai sauka ba: a canza magani ne?

Maman Iman:
Assalamu alaikum. Ina neman masana su duba mini wannan. Mace ce mai shekara 34, nauyinta kilo 60, ba ta da ciki. Ta yi watanni tana fama da kasala, in ta hau bene hawa ɗaya sai ta tsaya ta yi haki, da dare kuma tana jin bugun zuciyarta har cikin kunne. Takardar gwajinta ta nuna Hb 7.8, MCV, wato girman ƙwayoyin jini, 68, feritin, wato ma'aunin ƙarfen da jiki ya ajiye, 6. A zaune bugun zuciyarta 108 ne a minti. An ba ta feros salfet, wato ƙwayar sinadarin ƙarfe, mai miligiram 200, ƙwaya ɗaya kullum. Yau kwana goma ke nan, bugun yana 104. Ta ce jikin ya ɗan yi mata sauƙi amma hakin na nan. Maganin ne ba ya aiki? Ko dama ciwon zuciya ne aka ɗauka ƙarancin jini?

Malam Sabi'u:
Wa alaikumus salam. Ƙwaya ɗaya ai ta yi kaɗan, Hajiya. Abin da aka sani shi ne sau uku a rana, safe, rana, dare. A ƙara mata, a haɗa mata da na ruwa mai bitamin, cikin mako guda za ki ga bambanci.

Dakta Hadiza:
Maman Iman, kwana goma bai isa a yanke wa maganin hukunci ba. Bari na fara da dalilin da ya sa zuciyar ke gudu, domin shi zai nuna miki lokacin da za ta daina.

Himogulobin, wato Hb ɗin takardar, shi ke ɗaukar iskar oksijin, kuma giram ɗaya nasa yana ɗaukar kimanin mililita 1.34. Mai Hb 14, in zuciyarsa na tura lita biyar na jini a minti, tana kai wa jiki wajen mililita 940 na oksijin. Wannan baiwar Allah mai 7.8, da waccan lita biyar ɗin, abin da ke isa wajen 520 ne kawai. Jikin babban mutum a zaune yana cin kusan 250 a minti, shi ya sa in tana zaune take ganin kamar lafiyarta ƙalau. Da zarar ta taka matakala buƙatar ta ninka sau uku ko huɗu, jinin kuma ba shi da rarar da zai bayar. Abin da ya rage wa jiki shi ne ya zagaya da ɗan jinin da sauri. Motocin dakon kaya ne aka rage musu girman akwati, dole su yawaita sawu. To zuciyar nan aikinta take yi, ba lalacewa ta yi ba, kuma ba za ta sassauta ba sai Hb ya hau.

Hb kuma ba ya hawa ranar da aka haɗiyi ƙwaya. Sai ƙarfen ya bi ta hanji ya isa ɓargo, ɓargo ya ƙera sababbin ƙwayoyin jini. Waɗannan sababbin suna fara bayyana cikin kwana uku zuwa biyar, su fi yawa tsakanin kwana bakwai da goma. Wato yau ɗin nan da kike tambaya, lokacin ne aikin ya kankama. Abin da nake so na gani a mako na biyu shi ne Hb ya ƙaru da aƙalla 1, a mako na uku zuwa na huɗu ya ƙaru da kusan 2. In ya tashi daga 7.8 zuwa 8.8 ko 9 a kwana 14, maganin na aiki, ko da tana haki har yanzu.

Sista Rukayya:
Kafin a je ga gwaji ma, yaya aka ƙirga 108 da 104 ɗin nan? Sau da yawa na farko a asibiti aka auna, bayan ta sha tafiya da zaman layi ga fargaba, na biyun kuma a gida da agogon hannu. Ba a kwatanta irin waɗannan biyun.

Ta zaɓi lokaci ɗaya, da safe bayan ta farka, kafin ta sha shayi ko kofi. Ta zauna minti biyar ba magana ba waya. Ta ɗora yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, kada ta danna da ƙarfi. Ta ƙirga minti ɗaya cur, ba daƙiƙa 15 a ninka huɗu ba, domin kuskuren bugu ɗaya a can ya zama huɗu. Ta lura ko bugun na tafiya daidai ko yana tsallake. Sannan ta hau matakalar da ta saba hawa, da saurin da ta saba, ta ƙirga da ta isa sama, ta sake ƙirgawa bayan minti biyu. Lamba uku ke nan, ta rubuta sau biyu a mako. Aunawa sau goma a rana ba ya ƙara komai sai tashin hankali, shi kuwa tashin hankali da kansa yana ɗaga bugun.

Maman Iman:
Gaskiya Sista haka aka yi, na farko a asibiti ne. Amma akwai wani abu da ya ɗaure mana kai. Na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa tana nuna oksijin 98. In oksijin ɗinta ya cika, hakin na mene ne?

Dakta Hadiza:
Na'urar yatsa ba ta ƙirga yawan himogulobin. Abin da take faɗa shi ne, cikin wanda ake da shi, kashi nawa ne ya ɗauki oksijin. Mai Hb 5 ma zai iya nuna 98. Don haka 98 ba ya wanke ta daga ƙarancin jini. Amfaninsa ta ɗaya gefen ne: in mai ƙarancin jini ta nuna 90 ko 91, ba ƙarancin jinin ne ya kawo wannan ba, a nemi matsalar huhu ko ta zuciya.

Sai maganar Malam Sabi'u. Abin da ka faɗa shi ne tsarin da aka daɗe ana bi, ba ƙirƙirarsa ka yi ba. Amma an gano cewa bayan an sha ƙwaya mai ƙarfi, hanta tana sakin wani sinadari, hefsidin, wanda ke rage shigar ƙarfe daga hanji na kusan kwana guda. Ƙwayar rana da ta dare sai su tarar da hanyar ta ƙuntata, kaɗan ya shiga, sauran ya zauna a hanji yana kawo tashin zuciya, murɗar ciki da taurin bayan gida. Mutum ya jure mako guda ya jefar da maganin. Ƙwayar feros salfet mai 200 tana ɗauke da ainihin ƙarfe miligiram 65, kuma ɗaya a rana ta wadatar wa mafi yawan mutane. Wanda cikinsa bai ɗauka ba, ya sha yau ya tsallake gobe.

Malam Sabi'u:
To Dakta, na ji. Amma mutanen da aka yi wa sau uku a da ai sun warke. Kuma ga mai 7.8, ni a ganina ba lokacin lallaɓawa ba ne.

Bashir Mai Magani:
Sun warke, waɗanda suka iya jurewa. Kuma ba zan ce ba ka da gaskiya ko kaɗan ba: ga wanda jininsa ya yi ƙasa sosai, jimillar ƙarfen da ke shiga da ƙwaya biyu takan ɗan fi ta ɗaya, kuma har yanzu akwai likitocin da ke ba da biyu a irin wannan hali. Sai dai ribar ƙarama ce, wahalar kuma babba. Inda na saɓa maka gaba ɗaya shi ne na ruwan nan. A juya kwalba a karanta yawan ainihin ƙarfen da ke cikin cokali ɗaya. Da yawansu bai kai rabin na ƙwaya ɗaya ba, sauran sukari ne da bitamin. Ko cikin ƙwayoyin ma akwai bambanci: feros gulukonet mai 300 ƙarfensa 35 ne kawai.

Ga lissafin da ke nuna me ya sa mako guda ba zai yiwu ba. Ana kiransa lissafin Ganzoni:

```
60 × (13 − 7.8) × 2.4 + 500 ≈ 1250 mg
```

Sittin nauyinta ne, 13 inda ake so Hb ya kai. Wajen miligiram 750 na ƙera jini ne, 500 ɗin na cika ma'ajiya. Cikin 65 ɗin da ta haɗiya, abin da hanji ke tsotsa yawanci kashi goma zuwa ashirin cikin ɗari ne, a ce miligiram 13 a rana in abin ya yi kyau. Raba 750 da 13, ka ga kusan wata biyu. Wannan ma in ba ta ci gaba da zubar da jini ba.

Yadda ake sha kuma yana iya cinye rabin wannan. Ta sha da ruwa zalla, ciki ba komai, ko awa ɗaya kafin abinci. Shayi, kofi, madara, ƙwayar kalsiyam da maganin ƙwannafi na ruwa ko na taunawa duk a ba su tazarar awa biyu. Masu shan omefirazol kullum su ma tsotson yana raguwa. Bayan gida zai yi duhu, wannan ba komai. A kuma ajiye shi inda yara ba za su kai ba, domin ƙwayoyi kaɗan na iya hallaka ƙaramin yaro.

Umar T.:
Ni ma zuciyata takan yi irin wannan. Ina zaune lafiya sai kawai ta ɗauka da gudu, agogona ya nuna 170, bayan minti goma ta tsaya cak kamar an kashe. Shi ke nan ni ma na fara shan ƙwayar nan? Wani kuma ya ce firofanolol ne maganinta, ko ita ma a ba ta shi ya saukar mata da bugun kafin jinin ya dawo?

Dakta Hadiza:
Malam Umar, naka daban ne. Bugun ƙarancin jini yana hawa a hankali in an motsa, ya sauka a hankali in an huta, kuma da wuya ya kai 170 mutum na zaune. Wanda ke farawa farat ɗaya ya tsaya farat ɗaya ya fi kama da matsalar wutar zuciya. Kana buƙatar a yi maka ECG, wato gwajin wutar zuciya, in da hali a daidai lokacin da abin ya taso, da gwajin jini kafin ka taɓa ƙwayar ƙarfe. Namiji ba ya zubar da jini kowane wata, jiki kuma ba shi da hanyar fitar da rarar ƙarfe, taruwa yake yi a hanta. Haka masu sikila da waɗanda aka sha yi wa ƙarin jini, kada su sha sai gwaji ya nuna buƙata.

Batun ba ta firofanolol kuwa, a'a. Saurin bugun shi ne abin da ke riƙe da ita. Ka danne shi alhali Hb na 7.8, lambar agogo za ta yi kyau, ita kuma jiri da kasala su ƙaru, tana iya faɗuwa in ta miƙe. In akwai wani dalili na daban da zai sa a ba ta, likitan da ya duba ta ne zai yanke.

Sista Rukayya:
Akwai tambayar da ba wanda ya yi tun ɗazu: ina jinin yake tafiya? Feritin ba ya sauka zuwa 6 haka kawai. Maman Iman, yaya al'adarta take? Kwana nawa, tana canza audugar mata duk awa nawa, akwai gudaji?

Maman Iman:
Kwana takwas zuwa tara. Kwanaki ukun farko ta ce duk awa biyu take canzawa, da dare ma sai ta tashi, kuma akwai gudaji manya. Ita ta ɗauka haka kowa take.

Dakta Hadiza:
To ga bakin zaren. A kowane mililita na jini akwai kusan rabin miligiram na ƙarfe. Al'adar da ta wuce mililita 80 ana lissafa ta a mai yawa, wadda kika kwatanta kuwa da alama ta zarce haka nesa ba kusa ba. Daga abinci, jiki miligiram ɗaya zuwa biyu yake samu a rana. Kin ga ba yadda za a yi abinci kaɗai ya cike wannan giɓi. Tana buƙatar hoton mahaifa a duba ko akwai ƙari, a kuma ba ta abin da zai rage zubar, kamar tiranekzamik asid a kwanakin da ya fi yawa ko maganin daidaita al'ada, gwargwadon abin da likitar mata ta gani. In ba a yi wannan ba, bugun zai sauka mako uku, al'ada ta zo ya sake hawa, a ce magani ne jabu.

Da namiji ne, ko macen da ta daina al'ada, da sai na ce a leƙa ciki da hanji da na'ura, domin gyambon ciki da sankarar hanji suna zubar da jini a ɓoye. Ita ma a tambaye ta ko tana yawan shan ibufurofen ko dikulofenak saboda ciwon mara, suna iya goge bangon ciki.

Abin da nake tsammani in komai ya tafi daidai, kuma wannan kimantawa ce, kowane jiki da nasa: a mako na biyu zuwa na uku bugun safe ya sauko ƙasa da 100, ƙarar cikin kunne ta ragu. A mako na huɗu, Hb na wajen 10, bugun na cikin tamanin da wani abu zuwa casa'in. Bugun zaune shi ke fara gyaruwa, na matakala ya biyo baya, domin a nan ne ake buƙatar rara. Alamar da ta fi faranta mini rai ita ce lamba ta ukun da Sista ta ce a rubuta: tazarar da bugun ke saukowa cikin minti biyu bayan hawa tana ƙaruwa. Wajen mako shida zuwa takwas Hb ya kai 12, hakin bene ya tafi. Wanda kan daɗe shi ne raunin gaɓoɓi, saboda ta yi watanni ba ta motsa jiki sosai, sai ta riƙa ƙara tafiya kaɗan-kaɗan.

Daga nan ne ake yin kuskuren da ya fi yawa. Bugu ya daidaita, sai a ajiye magani. Hb ne ya cika, ma'ajiya na nan wayam. Ta ci gaba wata uku bayan Hb ya daidaita, sannan a auna feritin.

Bashir Mai Magani:
Dakta, ni da za a bi tawa, mai zubar da jini irin wannan da Hb ƙasa da 8 ba zan sa ta jiran wata biyu ba. A ba ta ƙarfen ta jijiya. Ferik kaboksimaltos miligiram 1000 yana shiga cikin kusan minti 15, a ƙarasa ragowar bayan mako guda, an gama da maganar hanji da shayi da mantuwa.

Dakta Hadiza:
Hujjarka mai ƙarfi ce, kuma in gwajin kwana 14 bai nuna ƙarin 1 ba, ko cikinta ya ƙi ƙwayar, ina tare da kai. Amma kada a ɗauka ƙarfe ta jijiya ƙarin jini ne. Shi ma sai ɓargo ya yi aikinsa, bugun ba zai faɗo washegari ba, mako ɗaya zuwa biyu ne ake fara ganin bambanci. Ana yin sa ne inda za a sa mata ido aƙalla minti 30 bayan an gama, saboda wasu jikinsu kan yi bore. Wasu kan yi ciwon jiki da ɗan zazzaɓi kwana ɗaya ko biyu. Shi wannan da ka ambata kuma yana iya saukar da sinadarin fosfet a jini, sai ka ga Hb ya hau amma kasala da ciwon ƙashi sun dawo bayan makonni. In an ga haka a auna fosfet. Feritin ma kada a auna shi sai an yi aƙalla mako huɗu, kafin nan lambar sama take nunawa ba gaskiya ba.

Ƙarin jini ne kaɗai ke saukar da bugu cikin awanni, leda ɗaya tana ɗaga Hb da kusan 1. Amma ana ajiye shi ne ga wanda ya sauka ƙasa da 7, ko mai ciwon ƙirji, suma, ko zubar jinin da ba ta tsaya ba. Wanda ya daɗe da ƙarancin jini kuma a hankali ake sa masa, leda ɗaya cikin awa uku zuwa huɗu, domin zuciyar da ta gaji tana iya kasa ɗaukar ruwan da aka ƙara mata da sauri.

Sista Rukayya:
Ga abin da ba a jiran kwana 14 a kansa, Maman Iman. Ciwon ƙirji, suma, haki tana zaune ko in ta kwanta sai ta tashi zaune, kumburin ƙafafu, bugun da ya wuce 120 a hutu ko mai tsallake-tsallake, jiƙa auduga duk awa ɗaya awanni a jere. Sai bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo da mugun wari, wannan jini ne, ya bambanta da duhun magani wanda busasshe ne mai ɗan kore. Kowanne aka gani, asibiti a ranar.

Zainab A.:
Tambayata ta ɗan kauce. Idan Hb ya koma 12.5, amma bugun na nan 100 zuwa 105 fa? Kuma na ga masu Hb daidai, feritin 10, suna kukan faɗuwar gaba da haki. Ƙarfen ne ko wani abu?

Dakta Hadiza:
Na farkon yana da amsa: in Hb ya kai 12.5 bugu bai sauka ba, an gama ɗora wa ƙarancin jini laifi. A auna TSH, wato gwajin tayirod, domin wannan ƙwayar maƙogwaron in tana aiki fiye da kima tana kawo wannan saurin tare da rama da gumi da rawar hannu. A duba zazzaɓi, wanda kowane digiri ɗaya kan ƙara wajen bugu goma, a duba juna biyu, ƙarancin ruwa, maganin asma na shaƙa, yawan kofi, sannan ECG.

Na biyun ne ba a gama daidaitawa ba. Kasala kam tana raguwa in an ba irin waɗannan ƙarfe, an gwada an gani, haka kwaɗayin tauna ƙanƙara da rashin natsuwar ƙafafu da dare, waɗannan ma sukan tafi tun kafin Hb ya motsa. Amma saurin bugu a zaune ga mai Hb 13, lissafin oksijin ɗin da na yi a sama ba ya bayyana shi. Zan ba ta ƙarfe saboda feritin 10 ya cancanci magani, amma ba zan daina neman wani dalilin ba.

Bashir Mai Magani:
A nan ni ina ganin ƙarfen na da hannu fiye da yadda kike ba shi, Dakta. Tsokar zuciya da ta ƙafa su ma suna amfani da ƙarfe wajen sarrafa oksijin, ba jini kaɗai ba. Masu raunin zuciya ai ana ba su ta jijiya ko da Hb ɗinsu daidai ne, kuma numfashinsu kan yi sauƙi.

Dakta Hadiza:
A masu raunin zuciya haka ne, ba musu. Ko za a ɗauki wannan a ɗora wa mace mai lafiyayyar zuciya, a nan ne ban gamsu ba tukuna.

Maman Iman:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura kwana huɗu a cika 14, za a maimaita Hb, an kuma nemi ganin likitar mata. Abu ɗaya: al'adarta na iya zuwa daidai ranar gwajin. A yi shi haka ko a ɗaga?

Sista Rukayya:
A yi shi, kada a ɗaga. Ta dai gaya wa likita kwana na nawa take ciki, a rubuta a jikin takardar, ta kuma tafi da lambobin bugun da ta ƙirga da safe.